Garantin Janareta: Yadda Yake Karyewa Tun Kafin Inji Ya Lalace

Wanda ya sayi babban janareta na dizal yakan ajiye takardu biyu da kyau, rasit da katin garanti. Akwai takarda ta uku mai shafi biyu zuwa huɗu, cike da lambobi da jadawali, wadda galibi ake barinta a cikin ledar da ta zo da injin har ƙura ta cinye ta. Ita ce takardar bayanan inji, kuma ranar da aka samu matsala ita kamfani yake fara buɗewa. Dalili kuwa, katin garanti kusan kullum yana ɗauke da jimla guda wadda ma'anarta ita ce: za mu gyara ko mu sauya abin da ya lalace saboda kuskuren ƙira ko rashin ingancin kayan da aka yi shi da su, muddin an yi aiki da injin cikin iyakar da muka rubuta. To, ita wannan iyaka ba a katin take ba. Tana cikin takardar bayanai da littafin kula da inji. Duk lambar da ke ciki sharaɗi ce, ko da ba a rubuta kalmar sharaɗi a gefenta ba.

Na zaɓi janareta ne domin shi ne injin da kusan kowace masana'anta, asibiti, otal da gidan ruwan leda suke dogara da shi a ƙasarmu, kuma a kansa aka fi samun saɓani tsakanin mai saye da dila. Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa garantin yakan mutu ne tun ranar ciniki, lokacin da aka zaɓi injin da ba a ƙera shi don aikin da za a ba shi ba.

Ka ɗauki takardar bayanan janareta ka duba saman shafin farko. Za ka ga ƙarfi biyu, ba ɗaya ba. Misali, a layi ɗaya an rubuta Standby 110 kVA, a ɗayan kuma Prime 100 kVA. Wasu kamfanoni suna sa ESP a madadin na farko, PRP a madadin na biyu. Waɗannan sunaye daga ƙa'idar duniya ta ISO 8528 suka fito, kuma kowane yana da ma'anar da ba ta canzawa da bakin dila.

ESP ƙarfin ko-ta-kwana ne. An tsara shi don wurin da wutar gari take tsaye, sai jifa-jifa ta ɗauke janareta ya riƙe. Ƙa'idar ta ƙayyade masa awa 200 a shekara, kuma matsakaicin lodin da zai ɗauka cikin awa 24 kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin da aka rubuta, sai in kamfanin da ya ƙera injin ya amince da fiye da haka. PRP kuwa na wurin da janareta ne tushen wuta. Ba a ƙayyade masa awoyi a shekara ba, amma ana sa ran lodinsa yana hawa yana sauka, kuma shi ma matsakaicinsa kashi 70 ne. Yawancin kamfanoni suna yarda a ɗora masa ƙarin kashi 10 na awa ɗaya a cikin kowace awa 12. Ƙarin goma a kan 100 shi ne 110, wato lambar nan babba da ake liƙawa a jikin akwatin injin da manyan haruffa, wadda kuma da ita ake yi maka ciniki.

A inda wuta take zuwa awa huɗu ta tafi awa goma, babu janaretan da yake aikin ko-ta-kwana. Wannan magana ce da ya kamata kowane dila ya faɗa wa mai saye tun kafin a yi zancen kuɗi.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce mai injin casar shinkafa ne a yankin Kura, ya haɗa lissafin injinansa ya ga suna jan kilowat 70 idan aiki ya kankama, kuma aikin yakan tsaya a haka kusan duk yini. Ya je kasuwa aka nuna masa janareta mai 110 kVA. A ransa ya ce 110 ta fi 70 nesa ba kusa ba, har da rara. Ya biya.

Kuskure na farko, kVA ba kilowat ba ne. A takardar akwai wani ɗan layi da aka rubuta 0.8 pf, kuma da wannan lamba ake ninka kVA a sami kilowat na janareta mai layi uku. Saboda haka 110 kVA kilowat 88 ne, 100 kVA kuma kilowat 80. Tunda shi janareta ne wutarsa, layin da ya shafe shi na PRP ne, wato 80. Kashi 70 na 80 shi ne kilowat 56. Shi kuwa yana ɗora 70 daga safe har yamma, kusan kashi 88 cikin ɗari ke nan. Injin zai ja, ba zai mutu a makon farko ba, wannan ne ma yake sa mutum ya saki jiki. Amma ya riga ya fita daga iyakar da aka rubuta.

Idan kuma rasit da katin garantinsa sun nuna an sayar masa da injin ne a matsayin ESP, lamarin ya fi muni. Yana aiki awa 10 a rana, don haka a kwana 20 na aiki ya cinye awa 200 ta shekara guda. Bayan wata shida, yana kwana shida a mako, agogon injin zai nuna sama da awa 1,500. Ranar da kwayil ɗin altaneta ya ƙone ko zoben fistin ya saki, injiniyan kamfani ba ya bukatar ya tambayi kowa. Zai danna allon sarrafa injin, irin na Deep Sea ko ComAp da ake gani a yawancin janaretocin nan, ya karanta awoyin aiki, ya duba jerin gargaɗin da injin ya yi da ranakunsu, a wasu samfuran har da jimillar wutar da aka ja. Ya raba jimillar wutar da awoyi, matsakaicin lodi ya fito fili. Daga nan rahotonsa layi biyu ne.

Sai kuma zafi, wanda shi ne abin da takardun da aka rubuta a Turai ko Sin suke ɓoye mana a ƙananan haruffa. A ƙasan jadawalin ƙarfi za ka ga an ce an auna injin ne a yanayin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, iska mai nauyin 100 kPa, da laimar iska kashi 30. Altaneta kuma yawanci ana ba da ƙarfinsa ne bisa zafin da bai wuce digiri 40 ba, a wurin da tsayinsa bai wuce mita 1,000 daga teku ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Zindar, watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa. Ɗakin janareta mai rufin kwano da taga ɗaya kuwa, inda iskar da ta fito daga lagireto take juyowa injin ya sake shaƙarta, ba wuya ya kai 50. Zafin da ake lissafi da shi na iskar da take shiga injin ne, ba wanda aka faɗa a rediyo ba.

Masu ƙera altaneta irin su Stamford suna rage kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfi ga kowane digiri 5 da ya hau kan 40. A digiri 50 an rage kashi 6 ke nan. Kilowat 80 na mai shinkafarmu ya koma wajen 75, matsakaicin da aka yarda masa ya sauko kusa da 53. Shi ma injin da yake juya altanetan yana da nasa jadawalin ragi, kuma wanda ya fi tsanani a cikin biyun shi ake bi. Mutumin Jos, inda tsayin gari ya kai wajen mita 1,200, zafi bai dame shi sosai ba, amma iskarsa ba ta da nauyi, don haka sai ya duba layin tsayi.

Da mai shinkafar nan ya yi lissafin daga baya zuwa gaba, ga abin da zai samu. Lodinsa 70, a raba da 0.7, ya ba da kilowat 100. A raba da 0.94 saboda zafi, ya zama wajen 106. A raba da 0.8, ya zama kusan 133 kVA. Abin da ya dace da shi janareta ne mai 135 ko 150 kVA a layin PRP, ba 110 a layin ESP ba. Ban ma sa lissafin tashin manyan injina ba, waɗanda idan aka kunna su kai tsaye sukan fizgi wuta kusan ninki shida na abin da suke ja a kan aiki, na 'yan daƙiƙu. Bambancin farashin yana da ciwo, na sani. Amma bai kai kuɗin sake naɗa kwayil da asarar mako uku a tsakiyar kaka ba.

Kada kuma wannan ya sa a ce gara a sayi ƙato a huta. Injin dizal da yake yini yana jan ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa ba ya yin zafin da zai ƙona mai sarai. Alamarsa wani baƙin ruwa mai danƙo da yake tsatsafowa ta mahaɗar salansa, da hayaƙi, da shan baƙin mai. Littattafan kamfanoni da yawa sun yi gargaɗi a kan haka, kuma lalacewar da ta biyo baya ba sa ɗaukarta a matsayin laifinsu.

Abu na biyu da yake kashe garanti shi ne lokaci da hanya. Mutane suna ɗauka shekarar garanti tana farawa ranar da suka kunna inji. Tsarin da aka fi gani a kayan da ake shigowa da su shi ne wata 12 daga ranar fara aiki ko wata 18 daga ranar da kaya suka bar masana'anta, duk wanda ya riga cika. Ka lissafa: wata biyu a teku, wasu makonni a tashar Apapa ko Tin Kan, wata takwas a shagon dila, sannan wata huɗu a harabarka kana jiran a gama gini. Kafin a murɗa makulli, abin da ya rage daga wata 18 bai fi uku ko huɗu ba. Farantin ƙarfen da ke jikin inji yana ɗauke da lambar siriyal, a yawancinsu har da shekarar ƙira. Da wannan lamba wakilin kamfani zai iya gaya maka ranar da garantin ya fara da ranar da zai ƙare, kuma wannan tambaya kafin biya ake yinta.

Wannan lamba tana kuma bayyana wa aka sayar wa injin tun farko. Janareta haɗe-haɗe ne. Sau da yawa inji na kamfani ɗaya ne, kamar Perkins ko Cummins, altaneta na wani, allon sarrafawa na wani, sannan wani kamfani dabam ya haɗa su a akwati ya sa sunansa. Kowane ɓangare yana iya zuwa da garantinsa da ƙa'idarsa. Injin da aka sayar wa dilan Dubai don kasuwar can, wani ya sayo ya sa a kwantena, mai yiwuwa ne wakilin da ke Najeriya ya ce ba ta hannunsa ya shigo ba, ka koma inda ka saya. Takardar SONCAP da mai shigo da kaya zai nuna maka shaida ce cewa kayan sun cika ƙa'idar shigowa ƙasa, ba alkawarin gyara ba ce. Haka kuma a duba layin mita da gudu. Wutarmu 50 Hz ce, janaretanta yana juyi 1,500 a minti. Wanda aka ƙera wa kasuwa mai 60 Hz yana juyi 1,800, kuma idan makanike ya rage masa gudu don ya dace da mu, ƙarfinsa ya ragu, sannan an taɓa saitin da kamfani bai ba da izini ba.

Kamfanoni da yawa suna sharɗanta cewa wakilinsu ne zai yi kunnawar farko, ya duba girkin, ya cika fom, a yi wa injin rajista. Nan ake yawan yin tsimin da ba shi da amfani. Mai saye ya ga kuɗin zuwan injiniya daga Kaduna ko Legas, ya ce ai yaronmu mai waya ya iya. Yaron ya iya haɗa waya, amma ba shi da fom ɗin, kuma ba tare da fom ba kamfani ba shi da shaidar cewa an girka injin daidai: an ba shi iska, an yi masa wayar ƙasa, an raba lodi daidai a layuka uku, an sa makunnin sauya layi da zai hana wutar gari ta dawo ta haɗu da ta janareta. Altanetan da wutar gari ta buga ta baya yana da kamannin ƙuna da masana suke ganewa, kuma babu garantin da yake ɗaukarsa.

Na uku shi ne abin da ake zuba wa inji da wanda yake taɓa shi. Littafin zai faɗi irin baƙin man da ake so, misali 15W-40 mai darajar API CI-4, da awoyin juye, wasu 250 wasu 500. Zai kuma ƙara da cewa a rage tazarar idan ana aiki cikin ƙura ko man dizal ɗin yana da sinadarin salfa da yawa. Wannan ƙarin bayani mu ya shafa. A lokacin hunturu filtar iska tana toshewa da wuri, kuma akwai ɗan ma'auni a jikin gidanta da yake nuna ja idan ta cika. Wanda ya ciro filta ya buga ta a taya ko ya hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta tsage, ya buɗe wa ƙura hanya zuwa cikin silinda. Idan aka buɗe irin wannan inji, ana ganin bangon silinda ya goge ya yi sheƙi, ana kuma samun ƙura a bututun da ke bayan filta, inda bai kamata a ga ko ɗigo ba.

Gas ɗin jarka da aka gauraya da kananzir ko ya sha ruwa yana cinye famfon mai da nozul, kamfani kuma yana iya ɗibar samfur daga tanki ya kai ɗakin gwaji. Lagireto ma haka. An ce a zuba ruwan sanyaya mai magani, ana zuba ruwan rijiyar burtsatse, gishirinsa ya daskare a cikin bututu. Duk waɗannan suna barin shaida a jikin ƙarfe.

Amma ko da ka yi komai daidai, in ba ka rubuta ba, a idon kamfani ba ka yi ba. Littafin makaranta mai ganye arba'in ya isa: kwanan wata, awar da agogo ya nuna, abin da aka canza, lambar filta, sunan wanda ya yi aikin da sa hannunsa, a maƙala rasit ɗin mai da na filta. Wasu garantin suna cewa dole wakilinsu ne zai yi sabis muddin garantin bai ƙare ba, wasu suna yarda da kowane ƙwararre in dai kayan na asali ne. Ka san wanne ne naka.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon masu injina su hana ta ko da garanti ya ƙare. Inji ya mutu da kansa, allo ya nuna High Coolant Temperature ko Low Oil Pressure, aiki ya tsaya, lebura suna zaune. Aka kira makanike ya ce, “Alhaji, sensa ce kawai take damunsa, bari in ɗaure ta a ci gaba da aiki.” Ya cire waya ko ya haɗe ta. Injin da ya kashe kansa don ya tsira yanzu ba shi da bakin yin ƙara, zai yi ta juyawa har ya buga. Allon ya riga ya rubuta cewa gargaɗin ya zo sau kaza a rana kaza, sannan ya ɗauke ɗif, bayan kwana biyu inji ya tsaya. Wannan ba ya bukatar bincike mai tsawo. Haka nan fasa hatimin da ke kan famfon mai don a ƙara wa inji ƙarfi.

Idan matsala ta auku, a kashe inji, a ɗauki hoton allo da agogon awoyi da wurin da ya lalace, a sanar da dila a rubuce a ranar, ko da saƙon waya ne, tare da lambar siriyal. Kada a kwance ko ƙusa ɗaya kafin su zo ko su ba da izini a rubuce. Da yawa sun rasa haƙƙinsu na gaskiya a nan, domin sun kai wa kamfani inji a buhu, gunduwa-gunduwa, ba yadda za a gane abin da ya fara lalacewa. A kuma sani tun wuri cewa garanti ba ya biyan filta da bel, waɗanda aiki ne yake cinye su, batir ma sau da yawa nasa wa'adin dabam ne, kuma ba ya biyan cinikin da ka rasa a kwanakin da inji yake kwance. Kuɗin dakon inji da na tafiyar injiniya ma wasu kamfanoni a kan mai saye suke ɗora su.

Ba ina cewa kamfani ne kullum mai gaskiya ba. Akwai dilolin da suke fakewa da waɗannan sharuɗɗa su guje wa laifin da nasu ne, musamman wanda ya san aikinka sarai amma ya sayar maka da ƙarfin ko-ta-kwana bai ce uffan ba. Najeriya tana da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, da hukumar FCCPC da ake kai wa ƙorafi. Sai dai a can ma takarda za a nema, kuma wanda ya zo da littafin sabis, fom ɗin kunnawar farko da wasiƙar da ya bayyana wa dila irin aikinsa, shi ne maganarsa take da nauyi.

Wannan wasiƙa ita ce shawarata ga duk wanda yake shirin saye. Kafin ka biya ko sisi, rubuta wa dila shafi ɗaya: garin da injin zai zauna, kilowat nawa zai ja, awa nawa a rana, zafin wurin a watan Afrilu, da mafi girman injin da za a riƙa tayarwa. Ka nemi ya amsa a rubuce da samfurin da ya dace, ƙarfinsa na PRP bayan an cire ragin zafi, ranar da garanti zai fara da ranar da zai ƙare bisa lambar siriyal, da sunan wanda zai zo gyara a jiharka. A rubuta PRP a jikin rasit ɗin kansa. Dilan da ya ƙi sa hannu a kan wannan, ka ɗauki kuɗinka ka nemi wani.